Gwajin sukari: wanne ake yi a wane lokaci?

Tambaya: Na auna sukarina da rana na samu 165 mg/dL, ƙawata kuma ta ce duk abin da ya wuce 126 ciwon sukari ne. Shin na kamu ke nan?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ƙawarki ta haɗa ma'auni biyu ne. Wannan 126 ɗin na gwajin azumi ne, wanda ake yi da safe bayan awa takwas ba a ci komai ba sai ruwa. A nan ƙasa da 100 lafiya lau, 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama kuma ciwon sukari, amma sai an maimaita wata rana an sake samun haka. Ko shayi mai sukari kika kurɓa, gwajin ya ɓaci.

Naki gwajin kowane lokaci ne, wanda ba ruwansa da yaushe aka ci abinci. Amfaninsa a gaggawa ne, ko ga mai yawan fitsari da ƙishirwa da rama. Sai ya kai 200 tare da waɗannan alamomi likita zai ce ciwon ne. Don haka 165 bai yanke hukunci ba. In awa ɗaya bayan cin abinci ne, yana iya faruwa ga mai lafiya, amma in kin yi awa biyar ba ki ci ba, ni dai ba zan yi sakaci da shi ba.

Na bayan cin abinci kuwa awa biyu ake ƙirgawa daga lomar farko, kuma masu ciwon ne suka fi yinsa don ganin ko magani na aiki, ana so ya tsaya ƙasa da 180.

Ki je asibiti da safe a yi miki na azumi.