Corolla, RAV4 ko Hilux: wacce ce ba za ta kafe a taɓo ba?

Malam, ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Saminaka, ina kuma ɗan taɓa sayen masara. Daga bakin kwalta zuwa gidanmu kilomita 12 ne na jar ƙasa, akwai hawa guda mai santsi idan damina ta zauna. Duk ranar kasuwa nakan ɗauko buhu uku ko huɗu. Wani ya ce in sayi Corolla, wani ya ce RAV4 tunda fowil ce, ƙanena kuma ya nace sai Hilux. Wacce zan saya?

Malam, Allah ya sanya albarka a nema. Buhunan nan su ne za su yanke hukunci, don taya ba ta kama ƙasa sai gwargwadon nauyin da ya danne ta. Saboda haka abin dubawa a kowace mota shi ne ko tayoyin da inji ke juyawa su ne nauyi ya hau kansu.

Corolla da gaba take ja. Inji da giya duk suna zaune a kan tayoyin gaba, shi ya sa idan kai kaɗai ne a ciki takan ratsa taɓon da ba ka zata ba. Mu ƙaddara nauyinta kilo 1,200. A irin waɗannan motoci kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin yana gaba, wato kilo 720, saura 480 a baya. To ka zuba buhu huɗu masu kilo ɗari-ɗari a but da kujerar baya. Mota ta koma kilo 1,600, amma tayoyin gaba ba su ƙaru da komai ba, sai ma gaban ya ɗan ɗaga. Yanzu ƙasa da rabin nauyin ne ke kan tayoyin da za su ja duka kayan. Da ka fuskanci hawa sai nauyi ya ƙara zamewa baya. Nan za ka ji inji na ihu, tayoyin gaba na watsa taɓo, sitiyari ya yi sakayau a hannunka, mota kuwa ba ta motsa ba. Tsofaffin direbobi kan juya su hau irin wannan tudu da baya-baya, domin nauyin ya dawo kan tayoyin da ke ja. Dabarar tana aiki, amma ba abin yi ba ne duk mako, kuma buhu huɗu da direba sun kai ko sun wuce abin da aka ƙera motar ta ɗauka.

Mai ja da baya akasin haka take. Lodi da hawa duk suna ƙara danne tayoyin da ke turawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ta yi suna a hanyoyin karkara: ana ƙara mata kaya tana ƙara kama ƙasa. Rauninta yana fitowa ne idan ba kaya. Akori-kura da babu komai a bayanta, ka taka totur a kan jar ƙasa mai ruwa, sai bayan ya goce gefe. Idan za ka fita fayau da damina, bar buhun yashi biyu a saitin tayoyin baya.

Akwai abu guda da ke kafar da mai jan gaba da mai jan baya duka. Tsakanin tayoyin da ke ja akwai wasu haƙoran ƙarfe da ke barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana. Amfaninsu babba ne a kwalta, amma a taɓo, da zarar taya ɗaya ta sami santsi ita za ta yi ta juyawa, wadda ke kan busasshiyar ƙasa kuma ta tsaya cik. Ƙara wuta a nan haƙa rami ne kawai. Sassauta ƙafa, a cusa dutse ko itace ƙarƙashin tayar da ke juyawa, a tashi a hankali.

Sai fowil, wato mai ja da tayoyi huɗu, wadda iri biyu ce, kuma masu sayarwa ba kasafai suke bambanta maka ba. RAV4 mai rubutun AWD ita ke raba ƙarfi da kanta, ba ka taɓa komai. Yawancin na baya-bayan nan da gaba suke tafiya, sai sun ji santsi su tura wani ƙarfi baya. Ga hawanka, idan kai da iyali ne, ta wadatar. Sai dai ba ta da giyar ƙarfi, ƙafafunta na ƙaramar mota ne, ba na dakon masara ba. Kuma RAV4 da yawa a kasuwa da gaba kawai suke ja, tsayin jiki ne ke ruɗin mutane.

Hilux mai fowil kuwa kai ne ke zaɓa mata tsakanin 2H, 4H da 4L, kuma da baya take tafiya a 2H. Idan ka sauka daga kwalta ka sa 4H, sai gaba da baya su ƙulle su juya tare. 4L, wato giyar ƙarfi, na hawa mai tsanani ne da fita daga kafewa, kuma sai ka tsaya cik ka cire giya kafin ka sa shi. Ina roƙonka, da ka hau busasshiyar kwalta ka mayar da ita 2H. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya, idan kuwa an ƙulle su tare a inda ba za su iya zamewa ba, ƙarfen da ke tsakani ne ke shan wahalar. Alamarsa sitiyari ya yi tauri, mota ta riƙa tirjewa a kwana, ƙarshenta gyara mai tsada. Ka kuma riƙe cewa fowil tashi take taimaka wa, ba tsayawa ba. A gangaren nan birkinta bai fi na Corolla kama ƙasa ba, ga ta da nauyi, don haka da ƙaramar giya za ka sauko.

Ni dai da ni ne, da wannan lodi na kowane mako, Hilux zan nema ko da ta fi tsufa, in haƙura da shan man da take yi. Idan kuɗin bai kai ba, ka sayi Corolla don zirga-zirga, ka riƙa ba masu akori-kura dakon masarar.

Ranar ciniki ka je da bakanikenka, ku leƙa ƙarƙashi. A RAV4 ku nemi farfela, dogon ƙarfen da ya tashi daga giya zuwa baya. Idan babu, galibi ko dai mai jan gaba ce, ko an cire shi don ɓoye wata matsala. A Hilux ku tabbata akwai shaf da ke shiga tayoyin gaba, don ita ma akwai wadda baya kawai take ja. Sannan ku kai ta fili mai ƙasa, ka sa 4H, ka ga fitilarsa ta kama, ka karya sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali. Idan ka ji tana ɗan tirjewa tana kartar ƙasa, gaban ya shiga. Ka kuma ware kuɗin taya huɗu masu zanen kirki, iri ɗaya, girma ɗaya, don fowil a kan suɗaɗɗun tayoyi ma a tsakiyar hawan nan za ta tsaya.