Agogo ba ya kawo saƙon da waya ba ta fitar ba

*Maigida, Alhajin nan mai sayar da atamfa ya dawo da agogon hannu na zamani da na haɗa masa da wayarsa. Ya ce saƙon masu ciniki na WhatsApp ba ya shigo masa, amma kiran waya yana shiga. Da na kunna masa komai kuma sai ya ce agogon ya hana shi sakat da girgiza. Agogon ne ya lalace, ko ni ne ban iya saitin ba?*

Ajiye sukudireba, babu abin da za ka kwance a agogon nan. Tunda kira yana shiga kuma yana girgiza, injinsa lafiya lau yake. Aikin duk a cikin wayar Alhaji yake.

Agogo irin wannan ba shi da WhatsApp a cikinsa, ba shi da layi, ba ya hawa intanet. Idan saƙo ya shigo, WhatsApp ɗin da ke waya ne yake ajiye sanarwa a saman sikirin, wurin da kake janyowa ƙasa da yatsa. Manhajar agogon da ka sauke a wayar tana zaune tana kallon wannan wuri. Da zarar sanarwa ta faɗo sai ta duba daga wace manhaja ta fito, in tana cikin waɗanda aka yarje wa, ta kwafi sunan mai aikowa da ɗan rubutun, ta tura wa agogo ta bulutut. Ɗan aike ne kawai, abin da aka ba shi yake kaiwa. Shi ya sa idan mutum yana cikin hira da wani a WhatsApp kuma wannan mutumin ya turo saƙo, agogo ba zai motsa ba, domin wayar ba ta fitar da sanarwa ba tun farko. Kwastomomi da yawa haka suke gwaji a gabanka: su buɗe hirar, su ce wa abokinsu turo min, su tsaya suna kallon hannu, sannan su ce ka sayar musu da jabu. Ka ce ya kulle wayar tukuna a sake turowa.

Kiran da ya ruɗe ka kuwa hanyarsa daban. Yawancin waɗannan agoguna masu araha da ake amsa kira da su suna haɗuwa da waya ta bulutut guda biyu. Ɗaya ƙarami ne mai cin batir kaɗan, shi ne manhajar agogo take bi ta aika sanarwa da lokaci, ta kuma karɓi lissafin taku. Ɗayan irin na iyafis ne, na murya. Na muryar yana iya zama a haɗe lafiya alhali ƙaramin ya katse, sai ka ga kira yana shiga, saƙo shiru. Don haka kar ka gamsu da kalmar Connected a cikin Bluetooth na waya. Buɗe manhajar agogon kanta ka ga ko ta nuna maka agogon da adadin cajinsa. In ba ta nuna ba, ba a haɗe suke ba, komai abin da wancan shafin ya ce.

To yanzu ɗauko wayar Alhaji mu bi ta daki-daki. Tura masa saƙo daga wayarka, wayarsa a kulle. Sanarwa ta fito a sikirin? Idan ba ta fito ba, maganar agogo ba ta taso ba. Daga Android 13 zuwa sama kowace manhaja sai ta nemi izini kafin ta fitar da sanarwa, kuma mutane suna danna Don't allow ba tare da sun karanta ba. Idan ta fito, sai ka duba ko manhajar agogo tana da izinin karanta ta. Wannan izini ba ya cikin jerin su kyamara da makirfon. Yana can ƙarƙashin Special app access, da sunan Notification access, wasu wayoyin kuma Device & app notifications. Tunda kowane kamfani da inda yake ɓoye shi, rubuta Notification access a akwatin bincike na Settings ya fi sauri. Idan ka tarar maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, alama ce ba daga Play Store aka sauke manhajar ba, tura ta aka yi daga wata waya. Android 13 yana toshe wannan izini ga irin waɗannan. Ana buɗewa ta App info, ɗigo uku na sama, Allow restricted settings. Amma ni na fi son ka goge ta ka sauke ta asali, domin duk manhajar da ka ba wannan izini tana ganin kowace sanarwa ta wayar, a wayoyi da yawa har lambar sirrin da banki ke turowa. Ba izinin da za a miƙa wa fayil ɗin da ba a san asalinsa ba ne.

A wayar Alhaji na tabbata duk waɗannan a buɗe suke, tunda da ka kunna komai saƙonni sun yi ta kwarara. Kalli tambarin WhatsApp ɗinsa da kyau. Ɗan kasuwa ne, WhatsApp Business yake amfani da shi. A idonka abu ɗaya ne, amma a wurin waya manhajoji biyu ne masu suna daban:

```
com.whatsapp
com.whatsapp.w4b
```

Manhajar agogo ba tambari take kallo ba, wannan sunan na ciki take dubawa. Na manyan agoguna suna jero maka duk manhajojin da ke wayar ka zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Na masu araha kuwa jeri ne ƙayyadadde da aka rubuta tun daga masana'anta: kira, SMS, WhatsApp, Facebook, da wasu 'yan kaɗan, sai maɓalli na ƙarshe mai suna Other ko Others. A da yawa daga cikinsu maɓallin WhatsApp sunan farko kaɗai ya sani. Saƙon Business sai ya faɗa cikin Others. Kai kuma da ka kunna Others ka buɗe ƙofa ga kowa: tallan kamfanin layi, labarai, wasannin da yara suka sauke, har sanarwar cewa ana sauke fayil. Girgizar da ta ishe shi ke nan.

Tunda agogonsa ba zai iya tacewa ba, a waya za ka tace. Bar Others a kunne, saboda ta nan ne kaɗai cinikinsa zai bi. Sannan ka shiga Notifications a Settings, ka bi manhajojin ɗaya-ɗaya kana kashe sanarwar waɗanda ba ya buƙata. Abin da waya ba ta fitar ba, agogo ba zai gani ba. Wannan kuwa ba aikin da za ka yi kai kaɗai ba ne, zaunar da shi za ka yi. Tambayar da nake yi wa kowa ita ce: wane saƙo ne in ya shigo kana tsakiyar auna yadi za ka ajiye almakashi ka duba? Wanda ya ce zai iya jira sai bayan sallar la'asar, ba ya buƙatar hawa hannu. Yawanci abin da ke saura bai wuce kira, saƙon ciniki da alat na banki ba.

A cikin Business ɗin ma akwai sauran aiki, domin guruf-guruf su ne rabin girgizar. Na 'yan unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na ƙungiyar kasuwa. Tun Android 8 sanarwar manhaja ɗaya ta kasu gida-gida, shi ya sa in ka buɗe sanarwar WhatsApp a Settings za ka ga na guruf daban, na saƙon mutum ɗaya daban. Kana iya kashe na guruf gaba ɗaya ka bar ɗayan. Sai dai ka tambaye shi ko akwai guruf ɗin da ake ba shi oda a ciki kafin ka taɓa. Kuma ka lura, mayar da sanarwa Silent ba kashewa ba ne. Ƙara ce kawai ta tafi, sanarwar tana nan a saman sikirin, kuma wasu manhajojin agogo suna tura ta haka nan.

Maganar banki ka yi masa ita a fili. Alat ɗin da zai hau hannunsa yana zuwa da ragowar kuɗin asusu, kuma a rumfa wanda yake tsaye a gabansa ya fi shi ganin fuskar agogon idan ya miƙa hannu. Idan ya kunna SMS, har lambar sirri ta cire kuɗi za ta bayyana. Abu na biyu ya fi wannan nauyi: agogo yana yanke saƙo, yana nuna layi biyu ko uku, kuma bai san saƙon gaskiya da na ƙarya ba. Masu alat na bogi wannan suke so. Girgizar hannu ta sa shi ya buɗe manhajar banki ya duba, ba ta sa shi ya miƙa kaya ba.

Sauran abin da zai sa ya sake dawowa gobe shi ne batir. Wayoyi suna kashe manhajar da suka ga tana aiki a ɓoye don su adana caji, kuma manhajar agogo dole a ɓoye take aiki. Alamarsa ba ta ɓuya: komai yana tafiya a shago, bayan ya koma rumfa saƙo ya ɗauke, da ya buɗe manhajar agogo kuma ya dawo. Shiga App info na manhajar, ka mayar da batirinta Unrestricted, ko Don't optimize a tsofaffin wayoyi. A Tecno da Infinix ka leƙa Phone Master ka ba ta izinin tashi da kanta, a Redmi kuma Autostart ake kunnawa. Sannan ka kulle ta a jerin manhajojin da ke buɗe, don Alhaji na cikin masu share komai da yatsa duk bayan minti biyar. In izini yana kunne amma har yanzu shiru, kashe Notification access ɗin ka sake kunnawa, sau da yawa shi ke nan.

Idan mai iPhone ne ya zo da irin wannan agogo, hanyar ta sha bamban. Can ba manhajar agogo ce ke karanta sanarwa ba, wayar ce da kanta take miƙa ta ta bulutut. Shiga Bluetooth, danna alamar i a gefen sunan agogon, ka kunna Share System Notifications, kuma ka tabbata manhajar da ake so tana da izinin fitowa a Notification Center. Mai Apple Watch kuma zai zo maka da ƙorafin cewa wani lokaci agogo na girgiza wani lokaci ba ya yi. Haka aka tsara shi: in wayar tana buɗe a hannunsa sanarwa a waya take tsayawa, in tana kulle sai ta tafi agogo, muddin agogon ba a kulle yake ba. Zaɓen manhajoji kuma yana cikin manhajar Watch, ƙarƙashin Notifications.

Kafin ka miƙa wa Alhaji kayansa, yi gwajin ƙarshe yadda zai yi amfani da shi. Kulle wayar, ajiye ta kamar minti ashirin ba wanda ya taɓa, sannan ka tura saƙo. Ka sa kalma mai ƙ da ɗ a ciki, domin wasu agogunan ba su da waɗannan haruffa, akwati ko alamar tambaya suke nunawa a madadinsu, kuma gara ya gani a nan ka faɗa masa ba gyaruwa yake yi ba. Ka kuma gaya masa nisan bulutut bai wuce kamar mita 10 ba, bango ma yana rage shi, don kar ya bar waya a wurin mai caji a bakin layi ya zauna a rumfa yana jiran girgiza.