Likita ya amsa: kala, fenti da yumɓu a hannun ƙaramin yaro

Tambaya: Likita, ɗiyata mai wata 20 ta gatsi kala irin ta kaki ta haɗiye. Washegari na ga ja a kashinta, hankalina ya tashi. Guba ce? (Wata uwa, unguwar Zariya, Maraɗi)

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Kalar yara kaki ce da aka cuɗa da launi, ciki ba ya narkar da ita, yadda ta shiga haka take fita. In jar kala ta ci, ɓarɓashin ja mai ɗan tauri za ki gani, kuma ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. In kuwa jan ya zo da majina, ko ciwon ciki, ko amai, ko ya ci gaba bayan kwana biyu, ki kai ta asibiti a duba ko jini ne. Kada ki sa mata yatsa a maƙogwaro don ta yi amai, kada ki ɗura mata manja. Ki share mata baki, ki ba ta ruwa.

Abin da ya fi damuna da kala shi ne shaƙewa. Guntun da ya karye yana iya toshe hanyar numfashin yaron da bai kai shekara 3 ba. Ki saya mata masu kauri, ki zubar da duk guntun da zai shige bakinta gaba ɗaya, ki zauna kusa da ita har ta gama zane. In ta shaƙe tana tari da ƙarfi, ki bar ta ta yi tarin. In ta kasa kuka da tari, leɓɓanta suka fara sauya launi, ki kifa ta a cinyarki kai ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunta da tafin hannu sau 5, wani kuma ya nemo abin hawa zuwa asibiti nan take.

Tambaya: A babbar kasuwa fenti iri-iri ne. Ta yaya zan gane wanda ya dace da yarona mai shekara 2? (Wani uba, Ɗan Gulbi)

Amsa: Malam, ka juya kwalin ka karanta bayansa. Ka nemi alamar CE tare da EN 71, ƙa'idar Turai ta kayan wasan yara, ko ASTM D-4236 a kayan Amurka. Kalmar "lavable" tana nufin ruwa da sabulu suna wanke shi, "non toxique" kuma tana nufin ɗan abin da yaro ya lasa ba zai cutar da shi ba. Hakan bai mai da shi abinci ba. In ka ga jan da'ira da fuskar jariri da 0-3 an ja layi a kai, ba na ɗanka ba ne.

Ana buga waɗannan alamomi a jabun kaya ma, don haka ka ƙara da naka gwaji. Ka buɗe ka shinshina: warin fetur ko kananzir na nufin ka ajiye. Ka shafa kaɗan a bayan hannunka, ya bushe, ka wanke da ruwa. In ya ƙi fita, ba na yara ba ne. Wanda aka ɗura a kwalba babu sunan kamfani, da ragowar fentin ƙofa ko na mota, kada su kusanci yaro, domin wasunsu na ɗauke da dalma. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da zazzaɓi ko ciwo ya nuna ba, kuma ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, daga ƙurar dutsen zinariya. Saboda ita ne ma nake hana ba yara kwalli su yi zane da shi.

In ba ka samu mai kyau ba, a dama garin masara ya yi kauri, a raba biyu, a sa ruwan zoɓo a ɗaya, kurkur a ɗaya. A zubar da ragowar a ranar, don yana tsami.

Tambaya: Mu da lakar gulbi muka yi wasa. Me zai hana jikana? (Wata kaka, Bagalam)

Amsa: Inna, lakar bakin gulbi da ta tafki dabbobi da mutane suna bi ta kanta, tana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, shi kuma mai shekara 2 komai baki yake kaiwa. A kwaɓa masa fulawa kofi 2 da mai cokali 2 da ɗan ruwa har ta daina kama hannu. Wasu suna zuba gishiri kofi guda don kada ta lalace. Ban yarda da wannan ga ƙaramin yaro ba, domin gishiri mai yawa guba ne a jikinsa. Yaron da ya ci irin wannan kwaɓin ya kama amai, ƙishirwa mai tsanani ko yawan barci, a garzaya da shi asibiti. Mara gishirin a yi sabo kullum.

In kuma kika lura yana neman ƙasa ko yumɓu yana ci da gangan, a kai shi a auna jininsa, sau da yawa ƙarancin jini ne ke jawo hakan.