Oda ta ragu jiya, kasuwa ce ko akwai matsala?

Salamu alaikum Malam. Ina saida abinci daga gida, oda ta WhatsApp ake min, yarona ya kai. Makon jiya daga Litinin zuwa Lahadi na samu 38, 42, 40, 45, 35, 41, 39, sai jiya Litinin 36, wallahi ban yi bacci ba. Kuma a baya na taɓa yin kwana uku ciniki na zubewa ban farga ba. Yaya zan bambance ranar da kasuwa ce kawai da ranar da wani abu ya lalace?

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki yi baccinki, 36 ɗin nan ba komai ba ce, kuma ba lallashi nake ba, lambobinki ne suka faɗa, bari mu bi su tare da kalkuletar waya.

Ki tara kwana bakwan, 280 ne, ki raba da 7, ya ba ki 40. Wannan shi ne matsakaicinki. Ana ce masa mai tafiya ne saboda ba a tsaye yake ba, gobe za ki jefar da rana mafi tsufa ki shigo da sabuwa ki sake rabawa, kullum kwanakin baya-bayan nan yake kallo.

To amma 40 kaɗai ba ta isa ba, a nan ma mutane da yawa ke tsayawa suna tada hankalinsu a banza. Ai babu ranar da aka ce dole ki yi 40 cif, rana ɗaya tak kika yi ta a makon. Abin da muke nema shi ne nawa cinikinki ya saba lilo sama da ƙasa idan komai lafiya. Ki ɗauki kowace rana ki ga nisanta da 40, wato 2, 2, 0, 5, 5, 1, 1. Ki ninka kowanne da kansa, ya koma 4, 4, 0, 25, 25, 1, 1, jimla 60. Sai ki raba da 6, ba 7 ba, ana rage ɗaya daga adadin kwanakin, ya ba ki 10. Ki danna maɓallin √ a kalkuleta, zai fito 3.16. Wannan lambar ita ce ma'aunin lilonki, a kwamfuta STDEV ake rubuta ta. Ma'anarta a taƙaice, oda uku sama ko uku ƙasa abin yau da gobe ne a wajenki.

Yanzu sai a ja layi. Ki ninka lilon sau biyu, 6.3 kenan, ki cire daga 40, saura 33.7. Duk ranar da kika rufe da 34 ko sama, ki gode Allah ki wanke tukwanenki. Ranar da kika ga 33 ko ƙasa, ki tashi ki bincika. Jiyanki 36, tazararta da 40 huɗu ce kawai, lilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Da 29 kika gani da zance ya canza, tazarar 11 ce, kusan lilo uku da rabi, irin wannan da wuya a ce sa'a ce kawai.

Wani abu ƙarami da ke ɓata lissafin gaba ɗaya, kar ki saka ranar da kike gwadawa a cikin kwanakin da kika ɗauki matsakaici. Kin ga 36 ɗin ban haɗa ta da bakwan ba. In kika saka ta, ita da kanta za ta ja matsakaicin ƙasa ta kuma kumbura lilon, kamar a ce wanda ake tuhuma ya zauna cikin masu yanke masa hukunci.

Na yi da kwana 7 ne don ki iya bi da hannu, amma gaskiya sun yi kaɗan, rana ɗaya mai ban mamaki sai ta juya komai. Ni kwana 28 nake so, sati huɗu cif, kowace rana ta mako ta shigo sau huɗu. Shi kuma wannan ba aikin hannu ba ne, ki buɗe Google Sheets a wayarki ko Excel, layin A kwanan wata, layin B adadin oda, ki fara daga jeri na 2. Idan kin cika kwana 28 kin kai jeri na 29, to a jeri na 30 sai ki rubuta waɗannan a C, D, E da F bi da bi:

```
=AVERAGE(B2:B29)
=STDEV(B2:B29)
=C30-2*D30
=IF(B30="","",IF(B30<E30,"DUBA","lafiya"))
```

Ki kwafa su zuwa jerin ƙasa, lambobin za su riƙa matsawa da kansu, a jeri na 31 za ki ga ya koma B3:B30. Aikinki kawai ki shigar da adadin kowane dare, lokaci ɗaya, misali bayan isha'i. Kar ki shigar da azahar ki ga DUBA ki ce kasuwa ta mutu, ranar ba ta ƙare ba. Kuma adadin oda za ki rubuta ba kuɗi ba, domin in kin ƙara farashin faranti kuɗin na iya zama yadda yake alhali mutane sun ragu.

Yanzu ga inda na fi son ki nutsu, don shi ke kashe wannan dabara ba tare da mai ita ya sani ba. A ce ranar Lahadin nan kin tafi biki ba ki dafa ba, sai kika rubuta 0 a madadin 39. Mu sake lissafin. Matsakaici ya sauko 34.4, wannan da sauƙi, amma lilon ya tashi daga 3.16 zuwa 15.5, layin da za ki ja ya koma wajen 3.4. Kin ga abin da ya faru? Yanzu ko oda 10 kika samu waya za ta ce miki lafiya, kuma haka za ta ci gaba har sai sifirin nan ya fita daga kwanakin da ake lissafawa. A kwana 28 ɓarnar ba ta kai haka ba amma tana nan, kuma ta fi daɗewa, sati huɗu. Maganin kuwa ba wuya, ranar da ba ki buɗe ba ki bar gurbin babu komai, AVERAGE da STDEV suna tsallake gurbin da ba a rubuta ba amma suna ƙirga sifiri. Haka ranar da wani ya yi odar faranti masu yawa na taro ko suna, ko ranar da kika gano matsala ce ta jawo faɗuwar, ki kwashe lambar ki ajiye a wani layi a gefe da bayaninta. Alamar cewa wannan ciwo ya kama ki ita ce ki ga lambar layin D ta yi tsalle dare ɗaya, to ki koma baya ki nemo ranar da ta jawo.

Me ya sa sau biyu ba sau uku ba? Zaɓi ne, ba wahayi ba. Idan cinikin na lilo yadda aka saba, layin sau biyu zai yi miki ihun ƙarya kamar sau ɗaya a kwana 44, wato babu abin da ya lalace rana ce kawai ta zo a haka, a zahiri ma yakan fi haka yawa kaɗan tunda lilon kansa ƙiyasi ne. Sau uku kuwa kusan sau ɗaya ne a kwana 740, amma layinki zai sauka wajen 30.5, ranar da kika samu 31, 32 ko 33 ta wuce shiru. A irin sana'arki dubawar minti goma ce, asarar kuma nama da shinkafar da aka riga aka dafa, don haka ni sau biyu zan bari. In kin ga yana damun ki duk sati sai ki mai da 2 ɗin 2.5.

Na lura mafi ƙarancinki a makon ranar Juma'a ne, 35. Mako ɗaya bai isa a yanke hukunci ba, amma ki sa ido, in duk Juma'a haka take to ba faɗuwa ba ce, ɗabi'ar ranar ce. Sai ki ware mata shafinta ki riƙa gwada Juma'a da Juma'o'i takwas na baya, ki cire ta daga lissafin sauran kwanaki, nan za ki ga lilonsu ya ragu layin ya ƙara kaifi. Azumi kuma wata duniya ce daban, makon farko zai yi ta ihu ko ya yi shiru gaba ɗaya, ki buɗe sabon shafi ranar ɗaya ga wata, bayan Sallah ki koma kan lambobin Sha'aban.

Ranar da DUBA ta fito, kafin ki zargi maƙwabciyar da ta fara saida abinci, ki fara da littafinki, sau da yawa wata oda ce ba a rubuta ba. Daga nan ki sa wani ya turo miki saƙo ya kuma gwada turo naira ɗari a asusun, ki ga ko suna shiga, ki duba ko kin ɗora hoton abincin ranar da wuri. Sannan ki yanka lambar gida-gida. Mu ce 29 ce, kuma kin saba samun kamar 25 daga unguwa, 15 daga ofisoshi. Kika duba kika ga unguwa 24, ofisoshi 5. To ba girkinki ba ne ba kuma netwok ba, da su ne da duka ɓangarorin sun sauka tare. Ko hutu aka ba ma'aikata, ko jiya abincin ya isa musu a makare ko a huce, ki kira mutum biyu cikin waɗanda suka saba oda ki tambaya, ki kuma zaunar da yaron ki ji ƙarfe nawa ya isa. In kuma komai ya sauka daidai wa daida, ki duba waya da transfa da sama, ruwan yamma kaɗai ya isa.

Abu ɗaya da wannan layi ba zai taɓa kama miki ba shi ne zubewar sannu a hankali. In kina rasa oda ɗaya duk sati, matsakaicin zai riƙa bin ki ƙasa yana cewa lafiya, wata uku ki tsinci kanki a 27 bai yi ko tari ba. Don haka duk ƙarshen wata ki kwafi lambar layin C ki rubuta ta a bayan littafinki da biro, ki riƙa kallonta kusa da ta watannin baya.

Kafin ki tara 28 ɗin, ki ci gaba da na kwana 7 da hannu. In kin jefar da 38 ta waccan Litinin kin shigo da 36 ta jiya, matsakaicinki na yau 39.7 ne, lilon 3.45, layin ya koma 32.8.