Wayar da na gani a hoto daban, wadda aka kawo daban

"Don Allah ƴan uwa, na yi odar waya a onlayin, ta hoton daban, wadda aka kawo min daban. Ya zan rubuta musu takardar ƙorafi?"

Ƴar uwa sannu, Allah ya fitar miki da haƙƙinki, wallahi irinta aka min. Tun kafin ki rubuta komai je ki yi sikirinshot ɗin tallar yanzun nan, hoto da suna da farashi, don da sun ji ƙorafi sai su canza hoton.

Ni mai Pro na biya, kyamara uku a baya, ram 8, memori 256, da kayan suka iso tasha na buɗe sai ga kyamara biyu, ram 4, memori 128. Na kai kasuwar waya ta Farm Centre wani mai gyara ya juya kwalin kawai ya ce Hajiya ai wannan ƙanwarta ce. Shi kuwa wanda ya sayar min, da yake ta ce min Hajjaju kafin ya ga alat, da na kira shi wai ai duk kamfani ɗaya ne, hoton misali ne kawai, har da cewa na cika ƙorafi kamar ni kaɗai ce kwastoma! Kuɗin adashina fa, a cikin adaidaita na dinga kuka har gida. Ban yafe ba wallahi.

Kar ki sa sim, kar ki yar da kwali ko leda. Ki shiga About phone ki ɗau hoton lambar model, ki danna *#06# ki gwada lambar shaidar wayar da za ta fito, wato IMEI, da ta jikin kwalin, kar gobe su ce ke kika musanya.

Takardar kuma a rubuce, ba kira ba, ba boyis ba, kuma ban da zagi duk da na san ranki ya ɓaci. Ga yadda na yi tawa: ranar kaza na biya naira kaza, ga lambar oda da rasit, tallarku ta nuna model kaza, kun kawo kaza, ga hotunan biyu, ina so ku karɓi kayanku ku dawo min da kuɗina cikin kwana 7, kuɗin mayarwa a kanku, in ba haka ba zan kai ƙara hukumar kare masu saye ta FCCPC. Abu ɗaya za ki nema, ko kuɗi ko canji, in kika ce "ku duba min" za su ce ki riƙe a rage miki ɗan wani abu. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba ki damar mayar da kayan da bai dace da bayaninsa ba, ambatonta da na yi ne ya sa nawa ya sauko.

In ta manhaja kika saya ki shigar da ƙorafin a cikinta yau, suna da wa'adin mayarwa. In kuma ɗan Instagram ne kar ki mayar da wayar sai kun ajiye magana a rubuce kan kuɗinki.