Sin, cos ko tan: wanne zan danna a kan zanen rufi?

Tambaya: Maigida, zanen rufin ajin da za mu yi a wajen Ringim an rubuta faɗi 7200, kusurwa 25°. Na raba faɗin biyu, na danna 3.6 × cos 25, ya ba ni 3.26. Ni dai na ga kamar raftar ta yi gajarta. Yaya ake sanin wanda za a danna cikin sin, cos da tan?

Amsa: Idonka ya gaya maka gaskiya, yarona. Katakon da ya kwanta a jingine daga kan bango zuwa tsakiyar rufi dole ya fi wanda ke kwance a ƙarƙashinsa tsawo, domin tafiya biyu yake yi, yana gaba yana kuma hawa. Duk lissafin da ya ba ka rafta ƙasa da mita 3.6 a wannan aikin, kada ka ɗora zarto a kansa.

Ajiye kalkuleta tukuna, ka ɗauki fensir. Rabin rufin nan alwatika ce mai kusurwar sukwaya, wato digiri 90, a inda tsayayyen katakon tsakiya ya sauka a kan gicciyen da ya haɗa bango da bango. Sa ɗan yatsanka a kan kusurwar da aka rubuta wa 25°, daga nan za ka raɗa wa gefe ukun suna. Wanda ke fuskantar sukwayar shi ne dogon gefe, raftarka ke nan, kuma shi ba ya sauya suna. Wanda ke can nesa yana kallon ɗan yatsanka shi ne na gaba, a nan tsayayyen tsakiya. Wanda ya rage, da ɗan yatsanka ke taɓawa, shi ne na kusa, a nan rabin gicciye, mita 3.6. Rubuta sunayen a kan takardar.

```
sin = na gaba ÷ dogo
cos = na kusa ÷ dogo
tan = na gaba ÷ na kusa
```

Yanzu tambayi kanka abu biyu: wane gefe aka ba ni, wane nake nema? Wanda ya ƙunshi su biyun shi za ka danna. An ba ka na kusa, kana neman dogo, saboda haka cos ɗin da ka zaɓa daidai ne. A ninkawar ka kauce. Dubi layin cos da kyau: dogo a ƙasa yake, shi ake rabawa da shi. In abin da kake nema yana ƙasa, rabawa za ka yi. In yana sama, sai ka ninka. Akwai kuma hanyar ganewa ba tare da haddar komai ba. A irin wannan alwatika, sin da cos kullum ƙasa da 1 suke, don haka ninkawa da su na rage lamba, rabawa da su na ƙara ta. Kai kuwa ƙari kake nema.

```
rafta = 3.6 ÷ cos 25 = 3.6 ÷ 0.9063 = 3.972
tsayi = 3.6 × tan 25 = 3.6 × 0.4663 = 1.679
```

Layi na biyu na tsayayyen tsakiya ne. Kana da na kusa, kana neman na gaba, babu ruwan dogo a ciki, shi ya sa tan. In kana son tabbatarwa, ninka 3.6 da kansa, ka ninka 1.679 da kansa, ka tara. Za ka samu wajen 15.78, daidai da 3.972 in aka ninka shi da kansa.

Sin bai shigo ba don ba a ba ka dogon gefe ba. Ranarsa tana zuwa, kamar idan mai gida ya ce a yi masa rumfa da katakon da yake da shi, mai ƙafa 12, wato mita 3.66. In za ka jingina shi a digiri 25, tsayin da zai hau shi ne 3.66 × sin 25, mita 1.547.

Abin da ya fi kayar da yara a wannan lissafi, a ganina, shi ne ɗauka cewa tsayayye kullum shi ne na gaba. Ba haka ba ne. Wani mai zanen a sama yake rubuta kusurwarsa, tsakanin rafta da tsayayyen tsakiya, sai ka ga 65° maimakon 25°. Rufin ɗaya ne, tunda 25 da 65 sun cika 90. Amma ɗan yatsanka ya koma sama, to sunaye sun juya: rabin gicciye ya zama na gaba, tsayayye ya zama na kusa. Rafta yanzu 3.6 ÷ sin 65 ce, kuma 3.972 ɗin dai za ta fito. Wanda bai lura ba ya danna 3.6 × tan 65, sai ya samu tsayin mita 7.72, rufin da ya fi faɗin ajin tsawo. Da ka ga irin wannan lamba, koma ka duba inda aka ja ɗan bakan kusurwar.

Kalkuleta ma tana da nata. Kafin ka fara, danna sin 30. In ta ba ka 0.5, tana kan DEG, ci gaba. In ta ba ka -0.988, tana kan RAD, kuma duk abin da za ta faɗa maka ba na digiri ba ne. Ta waya ma tana iya yin haka. A kan RAD, cos 25 yana fitowa 0.9912, rafta ta zama 3.63, lamba mai kama da gaskiya har ka yanka katako ba ka farga ba.

Sai kuma ita lambar 7200. Milimita ce, ka yi daidai da ka mai da ita mita. Amma bi layinta ka ga inda kan kibiyoyin suka tsaya, bayan bango zuwa bayan bango ne ko ciki da ciki. Bulo mai inci 9 kaurinsa milimita 225 ne. In ciki da ciki aka auna alhali rafta a bakin waje za ta zauna, rabin faɗinka ya zama 3.825, raftar kuma ta ƙaru da kusan milimita 250. Kada ka sa rula a kan takardar don ka ciro awo, hoton kwafi yakan rage ko ya ƙara girman zane. Lambar da aka rubuta ita ce abin bi, bayan ita kuma sai tef ɗinka a kan ginin, don magini ba lallai ya tsaya cif a kan 7200 ba.

Ka tuna 3.972 a bakin bango ta tsaya. In zanen ya nuna rufi zai zarce bango da 600, kuma layin awon a kwance yake, to shi ma na kusa ne. Tara shi da 3.6 ya zama 4.2, ka raba da cos 25, ka samu mita 4.634. Wanda ya ɗora 0.6 kai tsaye a kan rafta zai rasa milimita 62 a kowane gefe. Mita 4.634 ɗin ce lambar da za ka riƙe kafin a tura sayen katako 'Yan Katako ta Na'ibawa, domin mai ƙafa 12 ba zai kai ba. Ko a nemo wanda ya fi shi tsawo, ko a shirya haɗi, a ƙara abin da zai hau kan juna a cikin lissafin.

Ranar aiki, kada ka yanka duka. Shimfiɗa gicciye da tsayayye a ƙasa, ka gwada sukwayarsu: auna 600 a kan ɗaya, 800 a kan ɗayan, tsakanin alamomin biyu ya zama 1000. In sukwayar ta karkace, sin da cos da tan duk ba su da amfani. Sannan ka yanka rafta ɗaya tak, ka ɗora ta ka ga ta zauna sama da ƙasa ba gibi, ita za ka riƙa ɗorawa a kan sauran kana shata su.