Yadda Ake Gajarta Rubutun Bidiyon Suna

"'Yan uwa, na rubuta shafi biyu na bidiyon sunan ɗiyar yayata a Tudun Wada, mai haɗa bidiyo ya ce minti ɗaya kawai zai ba murya. Me zan yanke?"

Barkanku da arziki, Allah ya raya. Minti ɗaya na magana a natse ba ya ɗaukar kalmomi da yawa, kuma gara ki tsaya a kalma saba'in don hoto ya samu wurin numfashi.

Fara da goge duk abin da ido ke gani. In ana ganin rago a hoto, kada murya ta ce an yanka rago. Jerin sunayen manyan baƙi kuwa, mayar da shi rubutu a ƙarshen bidiyon, shi ne ke cinye lokaci.

Sai ki zaɓi mutum ɗaya da labarin zai bi. Ni kaka nake zaɓa, musamman in sunanta aka mayar. Maimakon "an taru da safe, liman ya yi addu'a", ki ce: "Kwana bakwai Hajiya tana kiranta baƙuwa. Yau ta ji sunanta a bakin liman." Daga nan ki yi shiru, ki bar guɗa ta shigo da kanta.

Karanta da ƙarfi kina duba agogon waya. Inda numfashinki ya yanke, jimlar ta yi tsawo, raba ta biyu.